Nawa ya kamata hannun jari ya ba ka? Lissafin CAPM

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanku da warhaka daga nan Yamai. Yau lissafi ɗaya za mu yi tare, ku ɗauko biro da takarda. In ka sayi hannun jari a BRVM, kasuwar hannun jarin nan ta ƙasashen UEMOA takwas da ke Abijan, riba nawa ya kamata ka nema a shekara kafin ka ce ciniki ya yi? Hanyar da William Sharpe ya fitar a 1964, wadda ake cewa CAPM, ita ke ba da wannan amsa. Ga ta a allo:

```
E(Ri) = Rf + β × (Rm − Rf)
```

E(Ri) ita ce amsar, wato ribar da ya kamata ka nema. Rf ita ce ribar da za ka samu ba tare da kasada ba, galibi ana ɗaukar ta takardun bashin gwamnati, mu ce 6 cikin ɗari don misali. Ko kai ba ka cin kuɗin ruwa, lambar nan ma'auni ce kawai a lissafin. Rm kuma ribar da ake sa ran kasuwar baki ɗaya za ta bayar, mu ce 11. In ka cire 6 daga 11 saura 5, wannan 5 ɗin ita ce ladan kasada, abin da kasuwa ke ƙara maka don ka yarda ka bar wurin da ba faɗuwa.

To sai beta, wato alamar β ɗin nan, kuma nan nake so ku natsu. Ɗan kasuwar da albasar Galmi kaɗai yake saidawa, in ta ruɓe shi kenan, amma wanda ya haɗa da wake da shinkafa da gishiri, asarar wannan ribar wancan za ta rufe ta, sai dai fa ranar da aka rufe iyaka duk kayan tare suke tsayawa. Irin kasadar rufe iyakar nan, wadda ke taɓa kowa, ita beta ke aunawa, kuma ita kaɗai CAPM ya ce ana biyan ka don ita, tunda ɗayar kana iya kauce mata da rarraba kuɗinka. Beta 1 na nufin hannun jarin na tafiya daidai da kasuwa. Beta 1.4, in kasuwa ta sauka da 10 shi yakan sauka da wajen 14.

Mu buga. 1.4 sau 5, 7 kenan. A ɗora a kan 6, ya zama 13 cikin ɗari. Da betar 0.6 ce, 0.6 sau 5 ya ba da 3, da 9 kawai za ka nema.

Don Allah ku lura da inda ɗalibai ke zamewa, sai su ninka beta da 11 ɗin kai tsaye su manta ba su cire 6 ba, su samu 21.4. Gwajin mai sauƙi ne, sa beta 1 a lissafinka, in amsar ba ta dawo 11 ba to akwai kuskure.

Yanzu me za ka yi da 13 ɗin? A ce hannun jarin jika goma yake, sefa 10,000, kana sa ran rabon riba 800, baɗi kuma farashin ya kai 10,300. Ribarka 1,100, wato 11 cikin ɗari, bai kai 13 ba, ya yi tsada kenan. Haɗa 10,300 da 800 ya zama 11,100, raba shi da 1.13, za ka ga wajen 9,820, farashin da ya dace ka tsaya kenan.

Abu biyu ke damuna in an kawo lissafin nan gida. Na farko Rf ɗin. Bayan takunkumin 2023 mun ga yadda Nijar ta kasa biyan wasu basussukanta a kan lokaci a kasuwar yanki, to takardar gwamnati ma akwai kasada cikinta, wani ɓangare na 6 ɗin nan ladan kasadar ƙasa ne.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Beta daga tarihin farashi ake ciro ta, galibi na wata-wata na shekara biyar, a gwada da ma'aunin kasuwa irin BRVM Composite. To hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba, farashinsa na zaune wuri ɗaya ko kasuwa na rawa, sai betarsa ta fito ƙarama, 0.3 ko 0.4, ka ɗauka ba kasada alhali masu saye ne babu. Kafin ka yarda da ƙaramar beta, buɗe ka duba hannun jari nawa ake cinikinsa a rana, in ƙalilan ne ka sake lissafin da beta 1 ka ga ko farashin zai tsaya.