Yadda nake mayar da hotunan littafin lacca rubutu mai tsari

Assalamu alaikum masu kallo, musamman ɗalibanmu na Bauchi. Daga Kuala Lumpur nake yi muku magana, kuma abin da kuke gani a fuskar kwamfutata shafuka ne na laccar kemistiri da ƙanwata, wadda ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ɗauka da waya ta turo mini domin in buga mata.

Na roƙe ta da ta shimfiɗa littafin kusa da taga, ta ɗauki kowane shafi shi kaɗai, sannan ta turo ta WhatsApp a matsayin Document, domin idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana rage masa inganci har ƙananan lambobi su dushe. Ni kuma sai in ɗora shi a Google Drive, in zaɓi Open with, sannan Google Docs, rubutun ya fito a ƙarƙashin hoton.

Abin da ya fito a cakuɗe yake, kuma a lambobi aka fi samun ɓarna. Ku dubi wannan layi, inda malamin ya kawo misalin tsarma sinadari da ruwa:

```
C1V1 = C2V2
0.5 × 20 = C2 × 100
C2 = 0.1
```

Na'urar ba ta ga ɗigon ba, sai ta mayar da 0.5 ya zama 05. Wanda ke karatu da sauri zai wuce bai lura ba, amma da na sake lissafin, 5 sau 20 a raba da 100 ya ba ni 1, alhali amsar da ke shafin 0.1 ce. Shi ya sa ba na wuce kowane misali sai na lissafa shi da kaina, hoton yana gefe guda, rubutun yana ɗaya gefen. Haka ma takan ɗauki 5 a matsayin S, ko 0 a matsayin O.

Sai bayan gyaran nan nake sa kanun. Taken laccar yana samun Heading 1 da Ctrl+Alt+1, ƙananan batutuwa kuma Heading 2 da Ctrl+Alt+2. Ƙara wa layi girma da kauri kawai ba ya wadatarwa, domin ba lallai ya shiga jerin kanun da ke gefen hagu ba, wanda da shi ƙanwata za ta tsallaka kan batun da take nema.

Ɗige-ɗigen jeri suna fitowa da Ctrl+Shift+8, amma a ganina ɗalibai suna wuce gona da iri a nan. Abubuwa 'yan uwan juna, kamar siffofin asid, su ne suka dace da ɗigo. Matakan gwaji lamba suke buƙata saboda wani yana bin wani, bayanin da ke ɗauke da dalili kuwa nakan bar shi cikakkiyar jimla. Kalmar da na kasa karantawa ina yi mata launin rawaya, ƙanwata ta duba littafinta ta cike.