Gadar da ake faɗawa a sharhin labaran ƙagaggiyar ƙasar zalunci

Tun da aka fara yaɗa muƙalun ɗalibai a kan littafin 1984 na George Orwell, tambaya ɗaya ke ta yawo a Kaduna: me ya sa malami ke rubuta “wannan siyasa ce” a gefen takarda? Ai littafin ma siyasa ne, in ji su.

Zaɓen littafi da taƙaita labari ba su da wuya, sakin layi ɗaya ya isa. Inda ake faɗawa shi ne wajen ƙetarawa daga duniyar littafi zuwa tamu. Ɗalibi ya ga Babban Yaya, shugaban ƙasar da ke cikin littafin, sai ya ɗauko sunan wani shugaba ya manna. Daga nan littafi ya koma gefe, an buɗe majalisar mai shayi.

Ku dubi wannan misali daga littafin. Orwell ya fitar da littafin a 1949. A cikinsa an rage rabon cakulan na mako daga giram 30 zuwa giram 20. Winston, jarumin labarin, wanda aikinsa gyara tsofaffin jaridu ne, ya share alkawarin da hukuma ta yi cewa ba za a rage ba. Kwana ɗaya bayan bayyana ragin aka sanar cewa jama'a sun fito suna godiya don an ƙara musu zuwa giram 20. Abin da ya tayar wa Winston hankali shi ne yadda na kusa da shi suka yarda cikin kwana ɗaya. Babu takardar da za su duba.

To, wannan dabarar za ka ɗauko, mutum kuma ka bar shi. Rubuta ta a jimla ɗaya ba suna: idan aka goge shaidar jiya, ragi yakan zama ƙari. Sai ka nemi abu ɗaya tak a wajenmu mai tafiya a kan wannan hanya. Ga burodin nan a kan teburi. Kuɗinsa na nan, amma ya ƙanƙance, kuma wa ya auna na bara?

Yanzu faɗi inda kamannin ya tsaya, domin a ganina nan ne muƙala ke samun daraja. A duniyar Winston ana ƙona ainihin takardar. A Kaduna kuwa mutum na iya zuwa Gidan Arewa ya nemi tsofaffin takardu, mai burodi kuma ba hukuma ba ce.

Kafin ka miƙa, rufe duk jimlar da ta ambaci littafin da yatsa, ka karanta sauran. In maganar ta tsaya da ƙafarta, ka zame zuwa siyasa. Koma ka sa giram 30 da giram 20 a cikin sakin layin burodin.