Intigiral ɗin da ya ƙi fitowa: lacca a kan e^(−x²)

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a ajin kalkulas. An rage gaishe-gaishe da maimaici, an kuma saka abin da aka rubuta a kan allo.

Assalamu alaikum. Makon jiya na ba ku intigiral guda biyar ku yi a gida. Huɗu sun fito wa kusan kowa. Na biyar ɗin, ∫ e^(−x²) dx, ya hana wasunku barci, har wata ta kawo mini shafi uku tana ta rarraba shi kashi-kashi, kullum abin sai ƙara tsawo yake. Ku yafe mini, da gangan na yi. Ba zai fito ba ko za ku shekara a kansa, kuma ni ma ba zai fito mini ba.

Amma mu gyara magana tun da wuri, don na ji wani yana cewa "ba shi da amsa". Yana da amsa. Abin da muke nema shi ne fankishin F wanda idan ka ɗauki dirabatif ɗinsa zai ba ka e^(−x²). Bari in riƙa kiran F ɗin nan uwa, tunda ita ke haifar da wancan. Uwar tana nan. Layin e^(−x²) ba shi da tsinkewa ko'ina, ya tashi kamar ƙwarya a kife, tsayinsa 1 a tsakiya, ya gangara dama da hagu. Ka auna faɗin filin da ke ƙarƙashinsa daga 0 zuwa x, wannan faɗin shi ne F(x), kuma babbar ƙa'idar kalkulas ta tabbatar da haka. Matsalar ita ce rubuta ta. Kayan rubutun da muke da su a hannu ƙididdigaggu ne: folinomiyal, tushen lamba, eˣ, ln x, su sin da cos da juyinsu, sai tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da cusa wani cikin wani, sau adadin da ke da iyaka. Duk abin da aka gina da waɗannan shi ake kira fankishin na farko-farko. Uwar e^(−x²) ba ta cikin wannan dangi.

To wa ya ce? Ko dai ba a samu mai wayon da zai gano ta ba ne? Wannan tambayar Joseph Liouville, Bafaranshe, ya rufe ta a shekarun 1830. Ba zan kawo hujjarsa gaba ɗaya ba, amma akwai wani reshe nata da za mu iya amfani da shi yanzu a kan allo. Ya ce: a ɗauki f·e^g, inda f da g kowanne folinomiyal ne bisa folinomiyal, kuma g ba tsayayyar lamba ba ce. Idan uwarsa tana cikin dangin nan, to dole siffarta ta zama R·e^g, inda R shi ma folinomiyal ne bisa folinomiyal. Babu wata ƙofa sai wannan.

Mu gwada. Dirabatif ɗin R·e^(−x²) shi ne (R′ − 2xR)·e^(−x²). Muna son ya zama e^(−x²) kawai, ke nan muna neman R da zai cika

R′ − 2xR = 1

A ce R yana da wani abu a ƙasa da ke zama sifili a wani wuri, kamar 1/(x − a)², ko da a ɗin lamba ce mai i a ciki. Dirabatif ɗinsa zai zo da (x − a)³ a ƙasa, wato ya fi R saurin fashewa a wurin. Shi kuwa 2xR ba zai wuce (x − a)² ba. Babu abin da zai kashe wancan mai ukun, alhali ɓangaren dama 1 ne, yana zaune lafiya. Saboda haka R ba shi da komai a ƙasa, folinomiyal ne zalla. To a ce darajarsa n. Darajar 2xR za ta zama n + 1, shi kuwa R′ ƙasa yake yi, bai isa ya taɓa ta ba. Hagu yana da daraja aƙalla 1, dama yana da daraja 0. Ba za su daidaita ba. Idan kuma R sifili ne, sai ka samu 0 = 1. Magana ta ƙare.

Ku lura da yadda abin yake a bakin gaɓa. Saka x ɗaya a gaba, x·e^(−x²), sai lissafin ya koma R′ − 2xR = x, kuma R = −1/2 ya biya. Shi ya sa na huɗu a aikinku ya fito cikin layi biyu. Ido ba ya gane wanda zai fito da wanda ba zai fito ba. Su sin(x)/x da 1/ln x da eˣ/x duk sun ƙi, ga su kuma kamar ba za su yi gardama ba. A ƙarshen shekarun 1960 Robert Risch ya fitar da tsarin da ke yanke hukunci a kan irin wannan, kuma manhajojin lissafi suna amfani da sassansa.

Yanzu me za mu yi? Abu na farko zai ba ku dariya: mu raɗa mata suna. Ana rubuta

erf(x) = (2/√π) ∫₀ˣ e^(−t²) dt

Na ga wani a baya yana girgiza kai, wai wannan ai guduwa ce. Ɗan'uwa, ln x fa? Ka gwada samo uwar 1/x da folinomiyal bisa folinomiyal, ba za ta fito ba. An ba ta suna, an buga mata tebur, kun haddace halayenta tun sakandare, shi ya sa kuke ganinta kamar 'yar gida. Da ka danna ln 7 a kalkuleta, kusantowa take yi, ba wani sihiri. Haka erf take. Christian Kramp ya buga teburin irin wannan intigiral tun 1799, Glaisher kuma ya kawo sunan a 1871. Teburin z da ke bayan littafinku na kididdiga ita ce, an ɗan sauya mata ma'auni. Kashi 68 cikin ɗari da kuke haddacewa erf(1/√2) ne, wato 0.6827. Shi kuma 2/√π na gaba an saka shi ne don faɗin filin daga 0 har abada √π/2 ne cif, kusan 0.886227, sai erf ta riƙa dosar 1. Abin mamaki ke nan: filin gaba ɗaya an san shi daidai, yankinsa ne ya gagara.

Suna ba ya ba da lamba, don haka mu nemo lamba da hannunmu. Mu ɗauki 0 zuwa 1.

Kun san jerin eᵘ = 1 + u + u²/2 + u³/6 + … Saka u = −x², sannan ka yi intigiral ɗin kowane gungu shi kaɗai, tunda kowanne folinomiyal ne:

F(x) = x − x³/3 + x⁵/10 − x⁷/42 + x⁹/216 − x¹¹/1320 + x¹³/9360 − …

A x = 1 ku bi ni da biro. Mun fara da 1. Cire ɗaya bisa uku, saura 0.666667. Ƙara 0.1, ya zama 0.766667. Cire ɗaya bisa 42, 0.742857. Sai 0.747487, sai 0.746729, sai 0.746836. Kun ga yadda yake lilo, ya haura ya sauko, kowane lilo ya fi na baya ƙanƙanta? Amsar tana tsakanin kowane biyu da ke jere. Wannan ne daɗin jerin da alamarsa ke sauyawa kuma gungunsa ke raguwa: kuskurenka bai kai gungun farko da ka bari ba. Na gaba shi ne 1/75600, kusan 0.000013. Ke nan ba tare da na san amsar ba, zan iya rantsuwa cewa 0.7468 daidai ne. Cikakkiyar kuwa 0.746824 ce.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bukatar jeri, ita ce ta Simpson. Raba 0 zuwa 1 gida huɗu, faɗin kowanne 0.25. Tsayin layin a wurare biyar ɗin: 1, 0.939413, 0.778801, 0.569783, 0.367879. Ninka su da 1, 4, 2, 4, 1, ka tara, za ka samu 8.962265. Ninka da 0.25/3, ya ba ka 0.746855. Da awo biyar kacal, kuskuren bai wuce 0.00003 da 'yan kai ba. Da ka haɗa wuraren da miƙaƙƙen layi, irin hanyar tirafiziyam, 0.742984 za ka samu, ya kauce tun a lamba ta uku. Yadda za ka gane ko Simpson ya zauna shi ne ka ninka yawan gidajen ka sake. Kuskurensa yana raguwa kusan sau 16, lambobin da ba su motsa ba su ne naka.

Yanzu ga ramin da nake so ku gani kafin ku faɗa. Wancan jerin, a takarda, yana aiki ga kowane x. To ku gwada x = 5 a kalkuleta. Gungun ba sa fara raguwa nan da nan, hawa suke yi, har wajen na 24 ya kai kusan miliyan 585, kafin su juyo. Amsar da kake nema kuwa 0.886 ce. Kana tara miliyoyi kana ɗebe miliyoyi don ka tsira da abin da bai kai ɗaya ba. Kalkuleta mai riƙe lamba goma ta kashe tara a kan miliyoyin, lamba ɗaya ta rage maka bayan ɗigo, ita ma ba tabbas. Kamar ka auna tirela da kaya, ka auna ta babu kaya, wai kana neman nauyin goro ɗaya da direba ya ajiye a gaba. Alamar wannan ciwo a bayyane take: duba gungu mafi girma, ka kwatanta da amsar. Yawan lambobin da ya fi ta, su ka yi asara.

Maganin shi ne ka zagayo ta baya. Tunda mun san filin duka √π/2 ne, sai mu auna wutsiyar da ta rage daga x zuwa gaba, mu ɗebe. Idan x babba ne, wutsiyar kusan e^(−x²)/(2x) ce, a ninka da (1 − 1/(2x²) + …). A x = 3 gungun farko ya ba da 0.0000206, da gyara na biyu 0.0000194, gaskiyar kuwa 0.0000196. A x = 5 wutsiyar ba ta kai biyu cikin tiriliyan ba. Sai dai shi wannan jerin halinsa daban: yana matsowa kusa da amsar, in ka ci gaba da ƙara gungu sai ya juya ya gudu. Ana tsayawa ne a inda gungun suka fi ƙanƙanta.

(Wata ɗaliba ta tambaya: "Malam, to a wurin aiki wanne ake amfani da shi?")

A wurin aiki, Malama, kiran ta kawai za ki yi. A Excel akwai `ERF`, a Python kuma:

```python
import math
print(math.sqrt(math.pi)/2 * math.erf(1))
```

Zai ba ki 0.746824 da sauran lambobi. Amma ki kiyaye abu ɗaya. Idan wutsiya kike nema, kada ki rubuta `1 - math.erf(6)`, sifili zai ba ki, don erf(6) ta yi kusa da 1 har kwamfuta ba ta bambance su. Ciwon tirelar nan ne ya dawo. Ki kira `math.erfc(6)`, wadda aka gina don wutsiya, za ki ga lamba wajen 2 × 10⁻¹⁷.

Lokaci ya tafi. Aikin gida guda biyu. Ku ɗauki (1 − 2x²)·e^(−x²), ku rubuta lissafin R, ku gani ko zai fito. Sannan eˣ/x, ku bi hujjar da muka yi a allo, ku nuna mini daidai layin da ta maƙale. Ranar Talata zan karɓa, kafin a shiga aji.