Yadda Ake Ganin Ƙwayoyin Halittar Albasa a Maikiroskop

Ga albasa, ga reza. Ku raba ta gida huɗu, ku ɓare ɓawo ɗaya mai tsoka. Ba bayansa muke nema ba, cikinsa ne, wajen da ya lotsa kamar cokali. Ku karya ɓawon, za ku ga wata 'yar yana ta ɗago, shara-shara. Ku ja ta da matsefata, ku yanki kamar milimita 5. Ƙarami ya fi, domin babba naɗewa yake yi.

Ku ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashin da ake ɗora abu a kai don dubawa a maikiroskop, ku shimfiɗa yanar a kai, ku miƙar da ita da allura. Idan ta ninke, ko tsoka ta biyo ta, haske ba zai ratsa sosai ba, sai ku ga ƙwayoyi sun hau kan juna, komai dishi-dishi. Gara ku sake ɓaro wata, albasa ba ta ƙare ba.

Sai ɗigo ɗaya na ruwan aidin, a bar shi kamar minti 2. A kula, yana ɓata yatsa da riga.

Wajen rufewa ne ɗalibai suka fi yin ɓarna. Kada ku saki siririn murfin gilashin daga sama. Ku kafa gefensa ɗaya a bakin ruwan, a karkace, ku tallafe ɗaya gefen da allura, ku sauke shi sannu a hankali, ruwan ya kori iska. Abin da ya malalo a tsane shi da tishu. In kun leƙa kuka ga wani zobe mai kaurin baƙin baki, kumfar iska ce, kada ku zana ta a littafi da sunan ƙwayar halitta.

Ku ɗora gilashin a maikiroskop, ku fara da ƙaramin ido daga cikin na ƙasa masu kallon gilashin, ×4 ko ×10. Da yake na saman, wanda kuke leƙawa ta cikinsa, ×10 ne, girman ya zama ninki 40 ko 100. Ga ƙwayoyin nan jere kamar bulo a katanga, kowacce da bangonta. Ku juya zuwa ×40, ninki 400 ke nan, kuma daga nan ƙaramin maballin saiti kawai za ku murza, kada idon ya fasa gilashin.

Wannan ɗigon da ya yi ruwan ƙasa shi ne nukiliyas, cibiyar da ke sarrafa ayyukan ƙwayar. Sau da yawa yana raɓe da bango, saboda bakiyol, jakar ruwan da ta cika tsakiya, ta tura shi gefe tare da saitofilazim, ruwa mai kauri da nukiliyas yake ciki.

Kore fa? Babu. Wannan sashe na albasa ajiyar abinci ne aikinsa, ba haɗa shi da hasken rana ba, don haka ba shi da kulorofilas, korayen sassan da ke haɗa abinci a ganye. Aidin ɗin ma bai koma shuɗi mai duhu ba, domin albasa sukari take tarawa, ba sitaci irin na dankali ba.

Ku zana yanzu da fensir, ku rubuta ninkin a ƙasa. Ruwan yana bushewa, musamman a lokacin hunturu, yanar kuma ta yamutse.