Na goro: layin wa ka saya?

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron matasan unguwa bayan sallar La'asar. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da iyayena da ke gaba, a gafarce ni. 'Ya'yana, ku matso.

Yau ba zancen masu kwasar biliyoyi zan yi ba. Zancen naira dubu biyun nan zan yi, wadda ake naɗewa a tura ƙarƙashin fayil a ce “ga na goro”. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun fitar da rahoto a 2024. Sun ce a shekarar 2023 an ba ma'aikatan gwamnati cin hanci kusan sau miliyan 87, kuɗin ya kai kimanin naira biliyan 721. Ku raba, za ku ga kowane bayarwa dubu takwas ne da 'yan kai. Ashe dutsen nan da tsakuwa aka tara shi, kuma da hannunmu.

Na yi shekaru a teburin da ake shirya haƙƙin ma'aikatan da suka rasu. Mace ta fita takaba, ta zo da takardar shaidar mutuwa, da takardar magada daga kotu, da takardar ɗaukar mijinta aiki, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe. A rajista za a buɗe fayil a ba shi lamba. Masinja ya kai wa akawu ya lissafa shekarun aiki da albashin ƙarshe, a tura wa odita ya duba lissafin, oga ya sa hannu, sannan akanta ya rubuta baucan biya. A tsakanin kowane tebur biyu akwai littafin shige da fice, inda ake rubuta ranar da fayil ya fita da sunan wanda ya karɓa.

To mu ɗauka, a misali, teburina yana iya gama fayil goma a yini. Na wannan baiwar Allah shi ne na 40 a layi. Idan an fara Litinin, ranar Alhamis an zo kanta. Amma kullum sai mutum shida daga bayanta su tsallako, huɗu da na goro, biyu da 'yar takarda daga wani babba. Saura gurbi huɗu ke nan ga masu bin layi. Kwana huɗunta ya koma kwana goma na aiki. Ni akawu ban ƙara ko fayil ɗaya a kan goman nan ba. Don haka wanda ya ba ni dubu biyu, yana cewa ya sayi sauri, ƙarya yake yi wa kansa. Gurbin matar nan ya saya, kuma ba a tambaye ta ba. Ita ce za ta ƙara biyan kuɗin mota daga ƙauye, ta bar marayu a wajen maƙwabta, a ce mata “je ki dawo”.

Abin da ya fi wannan muni shi ne darasin da akawu yake ɗauka. Ya gane cewa wanda aka sallama da wuri addu'a kawai yake bari, wanda ya gaji da sintiri shi ne yake sa hannu a aljihu. Daga ranar jinkiri ya zama hajarsa. Goman nan za ta koma bakwai, fayil ya fara kwana a durowa, “ba a gan shi ba” har sai an motsa. Kai da ka biya bara, bana ka dawo ka tarar farashi ya hau, kana ta zagi, alhali kai ka buɗe kasuwar.

Akwai yadda ake gane jinkirin gaskiya. Idan takarda ce ta ɓace ko lissafi bai daidaita ba, za a rubuta a cikin fayil, da kwanan wata da sa hannu, a faɗa maka ainihin abin da za ka kawo. Idan kuwa kullum da baki ne, “oga bai shigo ba”, “ka san yadda abubuwa suke”, to ka nemi lambar fayil ɗinka, ka roƙi a duba littafin shige da fice a gabanka, cikin ladabi. Sau da yawa tambayar nan kaɗai takan fito da fayil, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba kullum take aiki ba, ban yi muku alkawari ba. In ta ƙi, a rubuta wa shugaban sashe, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ma tun 2000 aka kafa ta, kuma dokarta ta kama mai bayarwa da mai karɓa.

Wani zai ce, Baba, ni kyauta nake bayarwa, yaba kyauta tukwici. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma ni aka ba kyauta. Annabi ya hau mimbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa? Ga ma'auni nan. Cire kujerar, ka ga ko kyautar za ta biyo ka. Ni na gwada da kaina: tun da na yi ritaya, buhun masara ɗaya bai ɓata hanya ya shigo gidana ba.

Na san malamai da dama sun yi sassauci ga wanda aka danne wa haƙƙi, babu wata hanya sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Ban fi su sani ba, ga su nan zaune. Amma mu riƙa tambayar kanmu tsakani da Allah, haƙƙina aka hana ni, ko layi ne ba na son bi? Yawancinmu tun ranar farko muke shiga ofis da kuɗin a naɗe.

Sai alfarma, wadda ba ma ƙirga ta cikin laifi don ba a ga kuɗi ba. A nan ni ma ba zan wanke kaina ba. Kuɗi kam ban karɓa ba, har alfahari nake yi. Wata Laraba surukina ya aiko yaro da takarda, fayil ɗin wani ɗan garinsu. Kunya ta kama ni, na zaro shi daga ƙasa na ɗora a sama. Wanda ya sauka na wata tsohuwa ne, haƙƙin ɗanta take bi. Tana zaune a kan bencin baranda da ƙullin takardunta a leda, ta ajiye silifas a gefe. Baucan watan aka rufe babu ita, sai na wata mai zuwa. Da na faɗa mata, ta ɗaure ledarta ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana, na ga kana ƙoƙari.”

Surukina bai taɓa sanin da ita ba. Ni kuwa har yau ina tuna lambar fayil ɗin.

An yi mini alamar lokaci ya yi. Ladan, ka ɗan ba mu minti biyar, ga wata 'yata can ta ɗaga hannu.