Sankarar Jini Mai Tafiyar Hawainiya da Ƙwayar Imatinib

Laccar da wani likitan jini ya gabatar ga ɗaliban kiwon lafiya a Yamai, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Mu ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 42 da aka turo daga Tawa. Wata da watanni yana fama da kasala da zufar dare, yana ramewa, in ya ci loma kaɗan sai ya ji ya ƙoshi. An ba shi maganin masassara har an gaji. Ka ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, sai ka ji saifa ta sauko har kusa da cibiya, ita ce ta danne masa tumbi. Aka yi gwajin NFS, wato ƙirgen ƙwayoyin jini, fararen ƙwayoyin jininsa suka kai 180,000, alhali na mai lafiya ba sa wuce 4,000 zuwa 11,000. Don Allah, babban mutum mai kumburin saifa, ku ƙirga masa jini kafin ku sake cewa masassara ce.

Me ya faru a ɓargonsa? A 1960, Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani guntun kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta, a jinin masu wannan cuta ta sankarar jini mai tafiyar hawainiya, aka sa masa sunan birninsu, Filadelfiya. Sai 1973 Janet Rowley ta gano yadda yake samuwa: kuromozom na 9 da na 22 ne ke karyewa su yi musayar gutsure. A mahaɗar, ƙwayoyin halitta biyu da ba ruwansu da juna suke manne, su zama ɗaya, wadda za ku gani a takardar sakamako an rubuta BCR-ABL. Ita ke ƙera wani sinadari mai umurtar ƙwayar jini ta hayayyafa. A jikin mai lafiya umurnin kan zo ya wuce. Nan kuwa kamar famfon da ya ƙi rufuwa ne, dare da rana yana zuba. Ku gaya wa iyali a fili: ba gadonta ake yi ba, ba a ɗauka wajen cin abinci tare, ba kuma jifa ba ce. A ƙwaya ɗaya ta ɓargo abin ya faro.

A da, busulfan ko hidiroksiyuriya muke da su. Suna sauke adadin, maras lafiya ya ji sauƙi, amma tushen yana nan. Cikin shekara uku zuwa biyar, yawanci cutar takan rikiɗe ta zama mai gaggawa, daga nan sai 'yan watanni. A 2001 aka amince da imatinib, bayan gwaje-gwajen da Brian Druker ya jagoranta. Maganin yana shiga gurbin da sinadarin ke karɓar makamashi ya toshe shi. A babban binciken da ya bi marasa lafiya shekara goma, fiye da 80 cikin 100 suna raye.

To, mu koma ga mutumin Tawa. Mun sa shi kan miligiram 400 sau ɗaya a rana, tare da abinci da ruwa cike da kofi. Zai iya ganin kumburi a fatar ido da safe, ko ɗaurewar tsokar ƙafa, ko tashin zuciya. Ya faɗa mana, kada ya yanke da kansa. Kafin wata uku saifa ta koma, jini ya daidaita, ya koma kasuwa. Wallahi nan ne na fi jin tsoro, domin nan ake cewa an warke. NFS ba ya ganin abin da ya rage. Gwajin PCR ne ke auna BCR-ABL ɗin kansa: muna son ya sauko 10 cikin 100 ko ƙasa a wata uku, ya kai 0.1 cikin 100 a shekara guda.

In adadin ya fara hawa, tambayar farko ita ce: Malam, kwana nawa ka tsallake? Ku yi ta da ladabi. Sau da yawa kuɗin mota zuwa Yamai ne ya gagara, ko damina ta riƙe shi a gona. Sai in yana sha daidai ne za mu yi zargin cutar ta sauya siffa, mu koma dasatinib ko nilotinib. Akwai sauyin da ake kira T315I, wanda duka ukun ba sa kama shi, sai irin su ponatinib.

(Wata ɗaliba ta yi tambaya kan azumi da juna biyu.)

Madalla, 'yata. Tunda sau ɗaya ake sha, wanda likitansa ya yarje masa azumi sai ya mayar da shi lokacin buɗa baki. Ciki kuwa magana ce babba, don imatinib na iya lahanta ɗan tayi. Mace mai son haihuwa ta zo da maigidanta tun kafin ta ɗauka, mu duba sakamakon PCR ɗinta, mu tsara lokacin tare.