In ɗanki ya fara kokwanto a kan wa zuciyarsa ke so

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga nan Birmingham nake magana. Yau da iyaye nake, musamman mu mata masu renon yara a Ingila. Maganar tana da nauyi a baki, amma yaranmu suna jin ta a makaranta da waya: yaro ko yarinya su fara tambayar kansu ko jinsinsu suke sha'awa.

Mu fara cire abin da ba alama ba ne. Namiji mai sanyin murya, mai son girki, ko yarinya mai son ƙwallo da wando, wannan bai gaya miki komai ba. Kuma babu wata alamar da za ta ba ki tabbaci, sai abin da yaron ya faɗa da bakinsa.

Abin da ya fi cancanta ki lura da shi shi ne gwaji. Yaro ba ya zuwa kai tsaye, sai ya auna ki tukuna. Misali, 'yarki mai shekara 15, kina tuƙi kuna dawowa daga islamiyya, sai ta ce, "Mama, wata 'yar ajinmu ta ce mata take so, iyayenta sun daina mata magana." Tana faɗa tana kallon fuskarki ta gefen ido. Wataƙila da gaske ƙawar ce, wataƙila ita ce. Ko ma wanne ne, amsarki take ajiyewa. Idan kika ce "Allah ya tsine, da tawa ce da na kore ta," to kin rufe ƙofa, zai yi wuya ta sake buɗe miki cikinta.

Sauran abubuwan su ne ta tashi daga falo duk lokacin da gwaggo ta fara zolayar aure, ta yi tsit idan ana zagin masu luwaɗi ko maɗigo, ta shiga damuwar da ta wuce ƙima a kan wata ƙawa guda. Janyewa daga mutane, rashin barci da faɗuwar maki kuma suna iya fitowa daga tsangwama a makaranta ko ciwon damuwa, don haka kada ki yanke hukunci da su.

To a motar nan me za ki ce? Ki ja numfashi, ki ce, "Allah sarki, tana cikin wani hali. Ke ya kika ji?" Sai ki yi shiru, ki bar ta ta cike shirun. In ta ce ita ce, kalma biyu sun isa a ranar: "Ke 'yata ce, nan gidanki ne," da kuma "Ki ba ni lokaci in natsu, za mu sake magana." Kukanki ki yi shi a ɗakinki. Kada ki ƙwace waya, kada ki tsare ta da "wa ya koya miki?", kada ki kira yayarki ki fesa mata. Sirrin na yarinyar ne. Ko babanta, ku fara shawara da ita kan yaushe da yadda za a gaya masa.

Na san zuciyarki na kan addini, ni ma haka. Caitlin Ryan ta jami'ar San Francisco State ta yi aiki da iyalai masu riƙo da addini, kuma abin da take nuna musu shi ne za su iya daina cutar da yaro ba tare da sun bar aƙidarsu ba. A binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2009, matasan da iyayensu suka tsananta ƙyamarsu sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Duka, gori, hana shiga cikin dangi, su ne ke kai yaro can.

Abu biyu nake roƙon ku bari. Na farko, "a mayar da ita gida ta gyaru." A Najeriya dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, kuma zargi kawai yana iya jawo wa yaro duka a unguwa. Na biyu, auren gaggawa. A Ingila auren dole laifi ne tun 2014, kuma tun 2023 ba a aurar da wanda bai kai 18 ba, ko da ɗaurin auren masallaci ne kawai. Ban da doka ma, kin jefa rayuka biyu cikin ƙunci.

Idan kika ga tabon yanka a hannunta, ko riga mai dogon hannu kullum ko da zafi, ko ta ce "gara ba na nan," ki tambaye ta a fili ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Ki nemi ganin likitanku na GP a ranar, in kuma haɗarin na nan take ne ki kira 999. Ki rubuta mata lambar Childline, layin taimakon yara, 0800 1111, kyauta ce, dare da rana. Ke ma in abin ya cika miki ƙirji, akwai Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin damuwa, a 116 123, ba sai kin faɗi sunanki ba.